Shafi na Goma Sha Huɗu

Zulai ta yi wata biyar tana aikin malamar gona a Madarunfa kafin aka ce ta yi bayani gaban shugabannin ƙungiyoyin mata, kan ajiyar wake a buhu mai ruɓi uku. Ta shirya shafi ashirin a ordinater, wato kwamfuta, waɗanda za a haska a bango. Ranar Talata da hantsi ta kai wa Malam Sama'ila, wanda ya fi kowa daɗewa a biro, wato ofishinsu, don ya yaba.

Sai ya jawo wata tsohuwar takarda mai tambayoyi huɗu.

"Malama Zulai, rufe ordinater. Me kike so matan nan su yi in sun tashi? Jimla ɗaya."

Ta ce, "Su gwada buhun bana, su daina zuba wa wake magani."

"Wannan maganar a shafi na goma sha huɗu na same ta. Kafin a kai can rabinsu sun tafi salla."

Abin ya sosa mata rai, amma ta mai da wannan shafi ya zama na farko. Tambaya ta biyu, ya sa ta karanta kan maganar kowane shafi kaɗai, a jere, su ji ko labarin na tafiya. Ta ji da kunnenta inda ta tsallaka daga ƙwarin wake zuwa kasuwa ta kuma komo. Ta cire shafi bakwai.

Ta uku ita ce ko bayanin ya yi daidai ko'ina. Wani wuri ta auna da tiya, wani wuri da kilo. Matan garin Gabi da suka gwada buhun bara kuwa, shafi na uku ya ce arba'in da biyu, na tara ya ce ashirin da huɗu.

"Wanne ne gaskiya?"

Ta so ta ce babban. Maimakon haka ta kira Inna Ɗelu, shugabar matan Gabi. Ashirin da huɗu ne, biyu ma ɓera ya huda musu buhu.

"Malam, in sa har da ɓeran?"

"Sa shi. Za su tambaya."

Sai a ƙarshe suka bi ƙananan kurakurai, don kada a ɓata lokaci kan shafin da za a cire. An rubuta sunan garin Safo da "p", kwanan watan taron kuma na bara ne.

Ranar Alhamis ta tsaya gaban matan ta fara bayani. Da ta zo kan Gabi, Inna Ɗelu ta miƙe ta ce haka aka yi, ta ƙara da cewa a ɗora buhun kan katako nesa da bango. Tambayoyi suka yi ta zuwa har azahar. Matan garin Sarkin Yamma suka roƙi ta zo ta nuna musu yadda ake ɗaure bakin buhun, ta ce Asabar tana tafe.