Hannun Ƙarfe Goma

Kwana arba'in da ruftowar dakin, wato rufin kankaren bene na uku, kwamitin bincike ya ce wa Auta ta haɗo hotunan aikin. Ita ce injiniyar da ke bin ci gaban ginin daga ofis, kafintan da simintin ya danne kuwa yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Maganar da ke yawo ita ce shi ya yi gaggawar cire turakun da ke tallafe da dakin, ya ja wa kansa. Har mahaifiyarsu ta fara cewa, "Dama shi tun yana ƙarami ba ya iya jira."

Aikin Auta ba mai wuya ba ne, ido kawai yake ci. Akwai kyamara ɗaure a kan dogon ƙarfe tana kallon rukunin benaye shida. Daga shida na safe zuwa shida na yamma takan ɗauki hoto duk rabin awa, ashirin da huɗu ke nan a rana. Kwamfuta sai ta tsallake ashirin da uku ta ciro ɗaya, kullum na ƙarfe goma, don inuwa ta zo daidai. Auta ta ɗora na yau kan na jiya, abin da ya ƙaru ya fito fili. Hoto ɗaya, kwana ɗaya, haka take ƙirge.

Yaya ya san da wannan. Ƙarfe goma na yi zai ajiye guduma ya je gindin tankin ruwa ya ɗaga wa kyamara hannu. "Kar ki rubuta ban zo aiki ba, ranki ya daɗe," yakan ce mata da tsokana.

Ta rufe ƙofar ofis da hantsi, ta jera hotuna ashirin da ɗaya, daga zuba kankare zuwa cire turaku. Tun rasuwar ba ta buɗe su ba, tsoro take ji. Ga shi nan a na farko, ɗan mitsitsi da jar hula, hannu a sama. Na biyu babu shi, na uku babu shi, na huɗu ya dawo. Ta tuna a lokacin ma ta ga haka, ta ɗauka wasan ne ya fara isarsa, har ta ɗan yi fushi.

Ta sa yatsa ta ƙirga. Sau bakwai ya ɗaga hannu, kuma kullum hotuna biyu ne a tsakani. Mai gajiya da wasa ba ya gajiya da lissafi haka. Sai ta dubi inuwar tankin: a hoton farko gajeriya ta wannan gefen, a na biyu ta koma wancan, a na uku gari ma bai gama wayewa ba. Ita da a lokacin ta ce duhun hadari ne!

Kwanan wata yana ƙasan kowane hoto, amma tambarin kamfani ya zauna a kansa. Ta cire tambarin, sai ga kowane hoto uku da kwanan wata ɗaya. Sannan ta kira mai gyaran kyamara.

"E, ni na mayar da ita duk minti goma," in ji shi. "Manaja ne ya ce bidiyon talla yana tsalle. Ba a gaya miki ba?"

Ta ɗauki biro ta yi lissafi. Hoto saba'in da biyu a rana, kwamfutarta kuma tana nan tana ciro ɗaya cikin ashirin da huɗu. Hotuna uku a kwana ɗaya. Sati ɗaya kacal kankaren ya yi, ita kuma ta rubuta sati uku, ta sa hannu.

Ta sauka filin ginin, ta sami shugaban ma'aikata a inuwar kwantena. Sabon zuwa ne a wancan satin, wanda ya gada ya tafi da littafin aiki, shi ya sa ya nemi adadin kwanaki a wurinta.

"Ranar nan, Yaya bai ce komai ba?"

Mutumin ya daɗe yana murza hularsa. "Injiniya, bar maganar nan."

"Don Allah faɗa mini."

"Ya ce anya, shi kamar shekaranjiya ya hango ana zuba wannan dakin. Na ce benayen duk kama ɗaya suke, na nuna masa takardar. Ya duba sa hannun, ya yi dariya, ya ce in dai Auta ce ta rubuta, idonsa ne ya yi ƙarya. Ya hana yaransa shiga, ya ce shi zai fara."

Ta koma ofis. Babu wanda ya san abin da ke ƙarƙashin tambarin sai ita, kwamitin ma hotuna kawai ya nema. Ta buga duka ashirin da ɗayan da kwanan watansu a bayyane, ta zagaye jar hular sau bakwai, ta haɗa da takardar da ta sa wa hannu.

Kafin ta kai wa kwamiti sai ta bi ta gida. Mahaifiyarta na tsakar gida tana shanya, ta ga ambulan ta ce, "Hotonsa ne?"

"Shi ne, Umma. Zauna in nuna miki." Ta shimfiɗa su a kan tabarma. "Bai yi gaggawa ba. Kullum yana gaya mini kwana nawa ne, ni ce ban ƙirga ba."