Tayil Uku a Kwali

Saƙon wata Malama da ta sayi tayil ya shigo wayar shago da hantsi: tayil ya ƙare, rubu'in falonta siminti ne tsirara, mai sa tayil kuma na zaune yana shan shayinta.

Auta, wadda ke amsa saƙonnin shagon kawunta, ta karanta masa. Kawu bai ko ɗaga kai ba ya yanke hukunci: Dogo direba ne ya sauke wasu a hanya, a rubuta wa Malama haka, shi kuma ya ajiye makullin mota da yamma. Kawu ya fi son samun mai laifi a kan samun magani, don mai laifi ba ya cin kuɗin mai.

Ita Auta wani abu ne ya tsaya mata. Kwali ashirin ta rubuta, ashirin aka loda, ashirin mai sa tayil ya ƙirga ya sa hannu. To ta ina falo ya ƙara faɗi? Ta roƙi Malama hoton gefen kwali ɗaya, ta shiga sito.

Dogo na zaune a kan buhun siminti, labari ya riga ya iske shi.

"'Yar Kawu, an ce na ci tayil. Da miya ko gaya?"

"Kama mini wannan mu gani, Yaya Dogo."

Suka farke kwali daga tsohon kaya, tayil huɗu. Suka farke na sabon kaya, zane iri ɗaya, guda uku. Hoton Malama ya iso, shi ma uku ya ce. Kamfani ya rage zubi, an kuma buga hakan a jikin kwalin da rubutu kamar ƙafar kiyashi. Ita ta yi lissafi da huɗu, mai sito ya loda, Dogo ya kai, mai sa tayil ya karɓa, ba wanda ya karanta. Laifin ya yi ubanni da yawa har ya zama maraya.

Ta rubuta: "Ranki ya daɗe, a yi haƙuri. Tayil tamanin kika saya, sittin suka iso, don sabon kwali uku yake ɗauka, ba huɗu ba. Kwali bakwai na tafe kafin azahar, masu lambar launi ɗaya da naki. Ba za ki ƙara ko sisi ba."

Kawu ya karanta, ya juya wayar kamar akwai saura a bayanta, ya tambaya ina sunan wanda ya yi.

"Ba suna ta saya ba, Kawu. Tayil ta saya."

Kawu ya ajiye wayar. Can ya tambayi wa zai kai kayan.

"Mai makulli," in ji Auta.

Dogo ya loda bakwai, yana karanta gefen kowane kwali da ƙarfi, don Kawu ya ji.