Gonar da Ba Ta Bushewa

Ni na sayo masa abin da hannuna, don haka ba ni da wanda zan ɗora wa laifi.

Mijina direban bas ne, shekara goma sha tara yana kan sitiyari bai taɓa goge ko madubin wani ba. Dogo nake ce masa, shi kuma ya ce mini Gajeriya, har maƙwabtan benenmu suka ɗauka sunayenmu ke nan. Wata safiya wani mai keke ya faɗo gabansa daga bayan motar kaya. Dogo ya taka birki, amma mutumin bai kai asibiti da rai ba. An yi bincike, aka ce ba shi da laifi, har takarda aka ba shi. Ya ninke ta ya sa ƙarƙashin ƙafar teburin falo da ke rawa, ya zauna a kujerar da ke kusa da taga, kuma kusan zan ce bai sake tashi ba.

Ba ya kuka, ba ya faɗa. Tsoron kuskure ne ya kama shi kamar zazzaɓi. Shayi ma ya daina haɗawa, wai kada sukari ya yi yawa. Likita ta ce a nema masa abin da zai shagaltar da hannunsa, ni kuma da wayona na sa masa wani wasan jera duwatsu a waya. Ashe mai ƙirga lokaci ne. Daƙiƙa sittin na cika allon ya yi ja, aka rubuta masa cewa ya faɗi. Ya kife wayar a cinyarsa, ranar ko abinci bai ci ba.

A ɗakin wanki na wani otal nake aiki, ina gugar zannuwan gado da rigunan ma'aikata. Da na tashi aiki na shiga shagon na'urorin wasa da ke kusa da tashar bas, na ce wa matar da ke wurin ina son wasan da ba a faɗuwa.

"Na yaro ne?" ta tambaya.

"Na babba ne. Ya girme ni ma."

Ba ta yi dariya ba, na kuwa gode mata a raina. Ta ce wasannin noma ne suka dace, amma su ma ba duka ba. A wasu, in damina ta wuce ba ka girbe ba shuka ta mutu. A wasu akwai kogo da dodanni, a wasu kuma agogon wasan yana bin na duniya, in ka yi sati ba ka leƙa ba ka tarar ciyawa ta cinye wurin. Ta ɗauko wani ta kunna mini a ƙaramar na'ura mai maɓallai a gefe biyu.

"Wannan kam, Anti, in bai ba shuka ruwa ba tsayawa kawai take yi, ta jira shi. In bai ciyar da saniya ba, ba ta ba da madara, shi ke nan. In ya kashe na'urar komai ya tsaya cak inda ya bar shi. Gefen nan kuma yana ciruwa, mutum biyu su yi noma tare."

Na ce mata ni ba ni da lokacin noman ƙarya, ta sa mini shi a leda.

Gaskiya abin ya yi aiki, kuma na yi murna. A sati na farko ya share duwatsu, ya shuka karas layi huɗu. A wata na biyu ya sami butar ban-ruwa mai jiƙa rami uku a zuba ɗaya, ya kira ni daga kicin don in gani. Ya gina akurkin kaji, ya gyara gadar ƙauyen da katakon da ya sara, ya sayi wata jar saniya ya sa mata suna Gajeriya, wai ita ma ba ta son a taɓa ta kafin ta karya. Na kai masa duka da tawul, ya yi dariya. Rabon da in ji wannan dariyar wata biyar ke nan, sai da na shiga bayi na share hawaye.

Sai dai gonar tana ta gaba, shi yana nan a kujera. Wata takwas ana haka. Ya san wane maƙwabci a wasan yake son kifi, wane yake son fure, amma bai san matar ƙasan benenmu ta haihu ba. Na sayo tumatir a tukunya na ajiye a tagar da ke gefensa, na ce tunda ya zama sarkin noma ga na gaske. Ya dube shi kamar an ajiye masa garwashi.

"Wannan yana iya mutuwa," ya ce. "Ki ba shi ruwan da kanki."

Ana nan sai manajan garejinsu ya zo har gida. Dattijo ne mai kirki, da ƙyar ya hau benen yana haki. Ya ce ba tuƙi za a ba Dogo ba, aikin rubuta fitar motoci da shigarsu ne a bakin ƙofa, yana zaune da biro. Amma dole ya zo a duba lafiyarsa kafin Juma'ar ƙarshen wata, in ba haka ba hukumar kamfani za ta rufe fayil ɗinsa, kuma shi ba zai iya sake roƙo ba. Dogo ya ce in Allah ya yarda zai zo. Na goge kakinsa na rataye a ƙofar ɗaki inda ba zai iya kauce wa ganinsa ba. Kullum na yi magana sai ya ce gobe.

Ranar Laraba, saura kwana biyu, na yi abin da na daɗe ina saƙawa. Yana wanka na zare na'urar daga caja na jefa a jaka na fice. Tunanina shi ne mutumin nan ya manta cewa ana asara a kuma rayu. In ya ga gonarsa ta lalace, ya ji zafi, ya ga gari ya waye duk da haka, wataƙila ƙafarsa ta iya sauka matakala. Na tuna abin da matar shago ta faɗa, amma na ɗauka na kwana ɗaya ko biyu take nufi. Mahaifiyata ta yi lambu a bayan gida, na san babu shukar da ke kai wata ba ruwa.

Da lokacin hutun rana ya yi na zauna a kan kwandon zannuwa, bayan babban injin busarwa, na kunna. Ga ɗan manomin Dogo nan da hularsa a ƙofar gida. Na juya shi na kai shi gado. Wasan ya tambaya ko a kwana, na ce e. Gari ya waye, tsuntsaye suna kuka, na sake mayar da shi gado. Haka na yi ta yi, ban ba kowa ruwa ba, ban buɗe wa kaji ba. Abincina ya huce a gefe. Sai da na kwanar da shi sau arba'in, damina ta wuce, ganyen bishiyoyi ya koma ja, sannan na fito da shi waje.

Komai yana nan. Kabewa ta tsaya rabin girma, kore shar. Ranaku uku da aka yi ruwan sama ma sun ƙara wa masara tsawo. Kaji suna ta kai da kawo a akurki, babu ƙwai, amma babu wadda ta rame. Na je wurin saniyar, ta juyo ta yi mini kuka, alamar zuciya ta fito a saman kanta. Wata tsohuwa ta wasan ta tare ni a hanya tana cewa ta yi kewata, ta ba ni burodi.

Na zagi tsohuwar nan a fili, har abokiyar aikina ta leƙo ta tambaya ko lafiya.

Akwai sauran hanya. Na koma shafin farko inda sunan gonar yake, na danna sharewa. Aka tambaye ni ko na tabbata, domin ba za a iya dawo da ita ba. Na daɗe yatsana yana kan maɓallin. Na tuna ranar da ya kife waya a cinyarsa, na tuna dariyar ranar saniya, kuma ban san wanne daga cikin biyun zan tarar a gida ba in na danna. Na ji tsoro, na fasa. Na koma kan guga, na ƙona wuyan rigar wani mai dafa abinci.

Da yamma na same shi a tsaye a tsakiyar falo, ya ɗage duk matasan kujeru yana neman abin wasansa. Kakin yana rataye inda na bar shi. Na miƙa masa na'urar. Ya zauna, ya kunna, ya dubi kwanan watan da ke kusurwar allo.

"Wa ya kwana arba'in a nan?"

"Ni ce. So na yi ta bushe, Dogo. So na yi ka rasa wani abu ka ga ba ka mutu ba."

Na shirya wa faɗa, har ina fatansa. Amma sai ya zagaya gonar a hankali, layi bayan layi, ya shiga akurki, ya shafa saniya. Kafaɗunsa suka sauka. Ya ɗago da wata irin fuska ta natsuwa wadda ban gani ba tun kafin haɗarin.

"Kin gani?" ya ce a hankali. "Da gangan ma kika yi, kuma ba wanda ya mutu."

"Jibi ne Juma'a."

"Na sani."

"Biro ne kawai da littafi."

"In na rubuta mota ta fita alhali birkinta bai da kyau fa? In na manta layi ɗaya?" Ya girgiza kai. "Daƙiƙa biyu ne, Gajeriya. Da na taka birki kafin daƙiƙa biyu, da mutumin yana gidansa."

"To ni fa? Ni ba kabewa ba ce, ba zan tsaya rabin girma ina jiranka ba."

"Na sani. Shi ya sa ba na iya kallonki sosai."

Na fi son a ce ya zage ni.

Juma'a ta zo ta wuce. Manajan ya kira sau biyu, na bar wayar tana ruri a kan firji don kunya. Ranar Asabar na sauke kakin na ninke, na sa shi a ƙasan akwati tare da hularsa ta aiki. Tumatirin taga ya yi yaushi, don ni ma na manta da shi kwana huɗu, na ɗauke shi na kai bakin shara.

Da na dawo na ga ya jingina na'urar a kan tebur, ya cire gefenta ɗaya ya ajiye a hannun kujerar da ke kusa da tasa. A allon, gefen gidan manominsa, akwai wani sabon ƙaramin gida mai shuɗiyar ƙofa, irin launin da nake so. Ya share masa fili, ya kafa shinge, ya ajiye butar ban-ruwa a bakin ƙofa.

"Tun jiya nake saran katakonsa," ya ce, idonsa yana kan allo. "A nan ba abin da zan yi miki da ba zai gyaru ba."

Na tsaya da hannuna jiƙe da ƙasar tukunya. Na san in na zauna na yarda ke nan, kuma babu wani manaja da zai sake hawo mana bene. Amma wata goma sha uku rabon da mijina ya gina mini wani abu, ko ya ce in zo kusa da shi.

Na goge hannuna a zane, na zauna, na tambaye shi wane maɓalli ne na ban-ruwa.