Sawun Shirwa

Shirwa ya shekara goma sha tara yana tuƙa injin ɗaga kaya a wuraren gine-gine. Abokan aiki ne suka laƙaba masa sunan, saboda kullum yana can sama cikin ɗan kejinsa na gilashi yana leƙen na ƙasa. Ba ya jayayya da sunan. Shi dai a bar shi da kujerarsa, domin ita ke ciyar da gidansa, kuma a shekara hamsin da uku babu wani aikin da ya iya.

Kamfanin yana da doka: duk wata shida sai likita ta duba masu hawa inji ta sa hannu. Wanda ba a sa wa hannu ba, ƙasa zai dawo. Shekara biyu Shirwa na shan amlodifin na hawan jini, ƙwaya mai lamba biyar, lafiya lau. A dubawar da ta wuce likita ta ce jinin bai sauka yadda take so ba, ta mayar da shi mai lamba goma. Ba a yi wata biyu ba idon sawunsa ya fara cika.

Da safe babu komai. Amma kafin ya sauko da yamma, bayan awa tara ƙafafu na lilo, sai takalmin aiki ya ƙi fita. Matarsa ce ke durƙusawa ta ja, shi kuma ya riƙe ƙofa. Safa ta bar zobe a ƙwaurinsa, in ya danna da yatsa sai rami ya tsaya.

"Baban yara, ka je ka nuna ƙafar nan," in ji ta.

"In nuna wa wa? Wadda za ta sauke ni?"

Ya ji tsoro, gaskiya. Duk ma'aikatan sun yi imani cewa kumburin ƙafa zuciya ce ko ƙoda, kuma likita na ganinsa za ta ja layi a kan sunanka. Babu wanda ya taɓa jin haka daga bakinta. A gindin tankin ruwa aka yanke hukuncin, lokacin cin abinci.

Sai ya kai kukansa wurin Kemis, abokinsa mai karɓarsa a inji. Kemis bai taɓa karatun magani ba, amma aljihunsa bai rabuwa da ƙwayoyi, kuma ko atishawa ka yi sai ya rubuta maka abin sha.

"Kai ma ka shigo layi," in ji Kemis, ya ɗage wandonsa. "Nawa ya fi naka. Ruwa ne ya taru, ungo wannan, ta fitsari zai fita."

Wanda bai taɓa shan maganin sa fitsari a kan tsayin hawa goma sha biyu ba, ba zai gane ba. Kwana uku Shirwa na fama da robar da yake fitsari a ciki a ƙarƙashin kujera. A rana ta uku ya miƙe zai kama tsani, jiri ya kwashe shi, ya rungume ƙarfe har sai da ganinsa ya dawo. Ƙafa kuwa tana nan yadda take.

"To bari ka ji tawa dabarar," in ji Kemis. "Ni wata guda kafin awo nake fara shan maganin hawan jinin. In kwana da ƙafa a kan matashi, in shiga wurinta da sassafe kafin ta cika. Tana sa hannu in ajiye shi sai wani zagayen. Makon jiya ma haka na wuce."

Da Shirwa ya duba allon sunayen masu zuwa awo, sai ya ga an sa shi ƙarfe huɗu na yamma, bayan tashi aiki, daidai lokacin da ƙafar ke kan ganiyarta. Ya roƙi a canza, aka ce layin safe ya cika. Sai ya yi nasa lissafin: ya ajiye maganin kwana goma kafin ranar. Kumburin ya sauka sosai. Jini kuwa, ai ba a ganinsa da ido.

Ɗakin likita kwantena ce da aka yi wa taga, da gado ɗaya da fanka mai ƙara. Likitar mace ce mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta ɗaura masa abin awo, ya matse damtsensa, ya saki. Ta dubi lambar, ta dube shi.

"Malam, huta minti biyar."

Ya zauna yana kallon agogon bango. Ta sake aunawa, sannan ta koma ɗaya hannun.

"Ɗari da saba'in da takwas bisa ɗari da takwas. Kana shan maganinka?"

"Ina sha, likita."

"Kullum?"

"Kullum."

"Kanka na ciwo? Ƙirji fa? Ganinka na dishi-dishi?"

"Babu ko ɗaya."

Ta ja takarda. "To in kana shan goma kullum jini ya kai haka, akwai abin da ya fi wannan. Sai in tura ka babban asibiti a yi bincike, kuma ba zan iya ce maka yaushe za ka koma sama ba."

Alƙalami ya fara tafiya. Ƙaryar Shirwa ta haƙa masa ramin da ya fi wanda yake gudu.

"Likita, dakata. Kwana goma ban sha ba."

Ta ajiye alƙalamin. "Me ya sa?"

Shirwa ya sunkuya ya kwance igiyar takalmi, ya tuɓe safa. Ta danna saman idon sawunsa na dama, sannan na hagu, ɗan rami ya fito a kowanne. Ta matsa sha-raɓarsa ta tambaya ko da zafi. Ta saurari ƙirjinsa gaba da baya, ta dubi jijiyar wuyansa, ta tambaya ko numfashi na yanke masa a tsani ko in ya kwanta. Ta ba shi kwalba ya kawo fitsari, ta tsoma ɗan tsinke ta jira.

"Yaushe ya fara?"

"Bayan kin ƙara min maganin."

"Ƙafa biyu, da safe ya sauka, da yamma ya dawo?"

"Kamar kina gidan."

"Sai na ga sakamakon jini kafin in rufe magana, amma ƙirjinka lafiya, fitsarinka lafiya. Wannan aikin maganin ne, kuma sananne ne, musamman mai lamba goma. Yana buɗe hanyoyin da ke kai jini ƙafa, bai buɗe masu dawo da shi kamar haka ba. Sai ƙananan jijiyoyi su matsu, ruwa ya tsattsafo cikin nama. Ga zama wuni guda ƙafa a rataye. Ba ruwa ne ya yi yawa a jikinka ba, wuri kawai ya sauya."

"Shi ya sa na fitsarin bai yi ba," ya faɗa kafin ya kama bakinsa.

Ta cire tabarau. "Ka sha maganin fitsari? A kan inji? Wa ya ba ka?"

"Na dai samu."

"Shi ba ya taɓa irin wannan kumburin, sai dai ya busar da kai ya sa ka jiri. Kana da rabon ganin 'ya'yanka, malam."

Ta rubuta tana bayani. Zai koma mai lamba biyar, ta haɗa masa da losatan, wanda ke sauke jini kuma yana buɗe hanyoyin dawowa, don haka kumburin kan ragu. Yau za a ɗebi jininsa, a sake bayan mako biyu don a ga yadda ƙoda ta karɓi sabon maganin. Ya sa safa mai matsewa, ya riƙa motsa ƙafa a kujera, ya ɗaga ta in ya koma gida. In duk da haka bai sauka ba, akwai wasu magungunan da za a canza masa. In kuwa ƙafa ɗaya ce ta kumbura da zafi, ko numfashi ya fara wuya, kada ya jira ranar awo.

"To sa hannun fa, likita?"

"Da ka zo min da ƙafar a cike, jini a kwance, da na gyara maganin na sa maka hannu yau. Kumburin magani bai taɓa sa na sauke kowa ba. Amma wannan lambar ba zan tura ta sama ba. Mako huɗu a ƙasa. In jini ya kwanta, ka koma kujerarka."

Takaici ya hana shi ko godiya. Ya sa takalminsa, abin haushi kuma, ƙafar ta shige ba gardama.

Washegari shugaban aiki ya miƙa masa rediyon oba-oba da riga mai sheƙi, ya ce ya tsaya a ƙasa yana ba inji umarni, Kemis zai riƙe sama har ya dawo. Shirwa ya tsaya kusa da tirela, mutum huɗu na ɗaure damin rodi. Ƙugiya ta sauko, aka maƙala, sarƙa ta miƙe. Damin mai nauyin tan biyu ya tashi a hankali, inuwarsa ta bi ta gefen masu kwaɓa siminti.

Ya ɗaga kai. Shekara goma sha tara bai taɓa ganin kejin daga nan ba a lokacin da kaya ke sama. Ɗan ƙarami ne. A ciki akwai mutumin da ya ajiye maganinsa tun ranar da aka sa masa hannu, wanda babu mai sake auna shi sai bayan wata shida. Shirwa kaɗai ya san haka a duk filin.

Ya jira har rodin ya sauka a hawa na bakwai, aka kwance. Sannan ya juya oba-oba zuwa layin da su biyu ke hira.

"Kemis, kana ji na? Yaushe rabonka da magani?"

"Kai Shirwa, da safen nan? Turo kaya."

"Ta ce kumburin ba ya sauke mutum. Gyara maganin kawai take yi. Sauko ka je ka nuna mata."

"Wanda aka sauke ne zai ba ni shawara? Ni takardata da sa hannu."

"Ka sauko da ƙafarka ka faɗa mata da bakinka, ko ni in je in faɗa. Ban ba ta sunanka jiya ba. Yau zan bayar."

Masu ɗauri sun gama dami na biyu, suna kallonsa. Shugaban aiki ya taho yana buga agogon hannunsa.

"Shekara sha biyu muna tare," in ji Kemis, muryarsa ta sauya. "In ka yi min haka, ni da kai har abada."

"Na ji. Sauko."

"Me ake jira?" shugaban aiki ya daka tsawa. "Shirwa, yi masa alama da hannu!"

Shirwa ya rungume hannuwansa a ƙirji. Ƙugiya na lilo babu komai a jikinta, shugaban na ta faɗa, shi kuwa idonsa na sama. An ɗauki lokaci kafin ƙofar kejin ta buɗe. Kemis ya fara sauko da tsanin, matakala ɗaya bayan ɗaya. Da ya iso ƙasa ya wuce ta gaban Shirwa, kafaɗa na gogar kafaɗa, bai dube shi ba, ya nufi kwantenar likita.