Jikka Talatin da Shida

Hambali mutum ne da ko ruwa aka ba shi sai ya leƙa ƙasan kwanon. Duk Bunkure an san shi da noman albasa, an kuma san shi da zargi. Idan ruwan kanal ya ragu, maƙwabci ne ya toshe. Idan buhun taki bai yi masa nauyi ba, an ɗiba. Mutum ɗaya ne ya tsira daga wannan hali nasa, wato Dattijo, wani dillalin irin albasa a Galmi ta ƙasar Nijar, wanda tun Hambali yana da fangali huɗu yake aiko masa da iri. Kuma bai taɓa aikowa ba sai da gyara, ɗan ƙullin iri a leda, a saman buhun. Hambali ya kan ɗaga ƙullin nan ya nuna wa matarsa Sa'a, ya ce, "Kin ga ɗan halak."

Bana ya yi odar kilo ashirin. Kowane kilo jikka ashirin ne, jikka kuwa ita ce sefa dubu ɗaya a bakin mutanen Nijar, kuɗin iri ya kama jikka ɗari huɗu ke nan. A kasuwa ana sayar da jikka naira dubu biyu da ɗari biyar, don haka Hambali ya ware miliyan ɗaya cif.

Da can Alhaji Badamasi ɗan canji ne yake tura masa kuɗin zuwa Galmi, amma ladansa kashi uku ne cikin ɗari, kuma kashi ukun nan sun daɗe suna ci wa Hambali tuwo a ƙwarya. Sai ga wani sabon shago a Kura, na wani Mudassiru, an rubuta a ƙofa da jan fenti: kashi ɗaya kacal. Hambali ya shiga ya tsare shi da tambayoyi. Da gaske ɗaya ne? Babu kuɗin caji? Ba za a cire wani abu a can ba? Mudassiru ya ce babu. Hambali ya biya, ya hau babur yana murmushi, yana ganin ya tsira da dubu ashirin daga hannun Badamasi. A lissafinsa an cire dubu goma, saura ya kama jikka ɗari uku da casa'in da shida, huɗun da suka rage kuwa ba abin da Dattijo zai tsaya a kai ba ne.

Da la'asar Dattijo ya kira. "Malam Hambali, kuɗɗin sun iso. Ɗari ukku da sittin na amsa."

"Da casa'in da shida dai."

"Da sittin. A gabana aka ƙilga."

Hambali ya ce to, ya kashe wayar, ya zauna a bakin fangali ransa a ɓace. Jikka talatin da shida ba allura ba ce da za ta ɓace a hanya. Mudassiru ya rantse ba a cire komai a can. To wa ya rage? Nan tsohon halin ya motsa. Ya tuna bara Dattijo ya yi kukan tsadar mai, ya tuna an ce yana gini. Har gyarar nan ma ya fara yi mata wani kallo: mutum haka kawai ya riƙa ba ka kyauta shekara da shekaru, a ina yake fanshewa?

Sa'a ta ce masa, "Malam, ka koma wurin mai shagon tukuna. Magana zarar bunu ce."

Bai koma ba. Ya sake kiran Galmi.

"Dattijo, ka sake laluba aljihunka da kyau. Wani lokaci kuɗi kan maƙale a aljihun mutum bai sani ba."

Aka yi shiru a wayar har Hambali ya duba ko ta yanke. Can Dattijo ya ce, "Na jiya," wato ya ji, ya ajiye.

Ranar kasuwa Hambali ya shiga Kura sayen taki, ya yi kiciɓis da Alhaji Badamasi a bakin injin casar shinkafa. Ya so ya kauce, hanya ta ƙi.

"An ce bana ka yi sabon gida," in ji Badamasi yana dariya. "Allah ya sanya alheri. A nawa ya ba ka jikka?"

"Kashi ɗaya ya cire."

"Wannan lada ne. Jikkar nake tambaya, a nawa ya sayar maka?"

Hambali da ya yi tambaya har kan kuɗin caji, wannan ɗayar ce bai yi ba.

"Wuri biyu muke ci, ni ma haka," in ji Badamasi. "Akwai lada, shi ake rubutawa a ƙofa. Akwai abin da ake ɗorawa a kan farashin kasuwa, shi kuma sai ka tambaya. Ran nan ni dubu biyu da ɗari biyar da hamsin nake bayarwa. In na cire dubu talatin ɗina, da ɗari uku da tamanin da 'yan kai sun isa Galmi, kuma da na gaya maka tun kafin ka miƙo kuɗin, ka cika in kana so."

Hambali bai yarda ba, don a ganinsa mai neman ciniki ne yake magana. Ya wuce shagon Mudassiru da ƙafarsa.

"Dubu biyu da ɗari bakwai da hamsin, Baba," in ji Mudassiru, ko gezau. Ya juyo masa da fuskar kalkuleta. "Na cire dubu goma, saura dubu ɗari tara da casa'in. Raba su da wannan farashin, ga shi, ɗari uku da sittin daidai."

"Ka ce mini kashi ɗaya."

"Lada kashi ɗaya ne. Farashi kuma ba ka tambaya ba."

A tsaye Hambali ya haɗa lissafin. Miliyan ɗaya jikka ɗari huɗu ce a kasuwa, ɗari uku da sittin suka isa. Arba'in sun tafi, naira dubu ɗari ke nan: goma a lada, casa'in a cikin farashi. Kashi goma ya biya, ba ɗaya ba. An auna masa da mudu mai lotsattsen gindi, shi yana can yana murnar ragin kuɗin awo. Amma ba kuɗin ne suka fi damunsa ba. Kunya ce, da tuna shirun nan na wayar Galmi.

Ya kira Dattijo a bakin shagon, ba a ɗauka ba. Ya kira a gona, ya kira bayan sallar asuba. Wayar tana shiga, ba a ɗauka.

Da irin ya iso, direban motar ya sauke buhun a ƙofar gida. Hambali ya ɗora shi a sikeli, yana jiran ya ga kilo goma sha takwas, gwargwadon abin da ya biya. Allura ta tsaya a ashirin.

"Dattijo ya ce in gaya maka ya laluba aljihun," in ji direban. "Ya ce babu bashi tsakaninku."

Hambali ya kwance bakin buhun, ya duba sama, ya tura hannu cikin irin har gwiwar hannu yana lalube. Sa'a tana tsaye a bakin zaure tana kallonsa.

"Me kake nema, Malam? Ai ya cika."

"Ya cika," in ji shi. Bai fitar da hannun ba, ko da yake ya riga ya san babu ƙullin a ciki.