Littafin Kurakuran Malam Kassim

Shekara biyu Kassim, malamin firamare a Salaga, yana tara kurakuransa na Turanci a wani ɗan littafi, saboda jarrabawar shiga kwalejin malamai. Duk abin da ya rubuta, amininsa Malam Idirisu ke bi da jan biro. Kassim sai ya kwafe jimlar da ya ɓata, ya sa gyaranta a gefe, in kuskuren ya dawo ya ƙara masa alama. Uku ne suka gagare shi.

Da hedimasta ya matsa da kai yara gonarsa ta doya, Kassim ya buga takardar ƙara da tafireta zuwa ofishin ilimi, ba suna. Ofis ya turo wa hedimasta ita. A makon nan Idirisu ya ari littafin, wai zai koya wa ɗalibansa dabarar.

Ran Litinin aka kira Kassim ofishin hedimasta. Ga takardar a kan tebur, ga littafinsa a buɗe kusa da ita.

"Malam Kassim, ai ka sa hannu har sau uku," in ji hedimasta.

Kassim ya duba. A cikin takardar ƙarar an ja wa kurakuran nan nasa uku layi da jan biro, da rubutun da ya sani sarai. Har gyara Idirisu ya yi masa a gefe.