Igiya da Tsirkiya

Shekara goma sha tara ke nan ina koyar da lissafi a wata lise, wato babbar sakandare, cikin yankin Gidan Rumji, kuma kowa ya shaide ni da abu biyu: jan biro da saurin fushi. Yara suna kirana Mushe Safiyanu a gabana, wato Malam Safiyanu a bakin 'yan makarantar Faransanci. Abin da suke kirana a bayan idona na san shi, ba zan rubuta ba.

Duk shekara, idan jarrabawar ƙarshe ta matso, nakan raba wa 'yan ajin farko takardar bita a kan da'ira. Tambayoyi a gaba, cikakkun amsoshi a baya, mataki bayan mataki. Ina ji da wannan takarda. Ban taɓa sauya mata ko waƙafi ba.

A bana akwai yarinya ɗaya da ta tsaya mini a rai, Munira, 'yar wani manomi daga Sae Sabuwa. Maimaita ajin take yi, kuma wanda ya maimaita bai kai goma bisa ashirin ba, sallamarsa ake yi. Na duba makinta na sauran darussa. Lissafi ne zai tsallakar da ita ko ya mayar da ita gida, kuma jarrabawar ran Litinin ce.

Ran Alhamis suka yi tambayoyin a aji, takarda a kife ta gefen amsa, sannan na ce kowa ya juya ya gyara wa kansa. Da aka tashi, aji ya watse ya bar Munira zaune. Ina kaɗe alli daga rigata ta taso, takardar a hannu biyu.

"Mushe, ka yi haƙuri. Kaman an musanya amsoshin nan."

Raina ya ɓaci nan take. Takardar da ta girmi wasu 'yan ajin, yau ita ce da kuskure?

"Wa ya musanya su, Munira? Aljannu? Kawo in gani."

Na fara da tambaya ta uku, ta tanjant, wato layin da yake taɓa da'ira a wuri ɗaya tak ya wuce. Daga tsakiyar da'ira zuwa bakinta santimita biyar, ga wani ɗigo a waje mai nisan sha uku daga tsakiya. Ta zana kusurwa tsayayya daidai inda layin ya taɓa da'ira, ta cire ashirin da biyar daga ɗari da sittin da tara, ta sami ɗari da arba'in da huɗu, ta rubuta sha biyu. Aiki tsaf, ni kaina ba zan ƙara komai ba.

Sai na koma ta farko da ta biyu. Da'ira mai santimita shida daga tsakiya O zuwa baki, ɗigo A da B a bakinta, kusurwar AOB digiri sittin. Ta farko na neman tsawon kord AB, miƙaƙƙen layin da ya haɗa A da B. Ta biyu na neman ark AB, lanƙwasar bakin da'irar tsakaninsu. A ƙarƙashin kord ta ɗauki kashi ɗaya cikin shida na kewayen da'ira, ta sami 6,28. A ƙarƙashin ark ta nuna cewa OAB alwatika ne mai gefe uku daidai, ta sami shida cif. Lissafi biyu, babu kuskure ko ɗaya, kowanne a ɗakin ɗan'uwansa.

"Ke kika musanya su," na ce, amma muryata ta riga ta sauka. "Zo ki nuna mini kord a allo."

Na zana da'ira, na sa A da B. Ta ɗora yatsa a kan A, ta bi lanƙwasa a hankali har B.

"Wa ya gaya miki wannan ne kord?"

Ta sunkuyar da kai. "Kai kac ce muna kord igiya ta, Mushe. Bara ka hwaɗi, bana ma ka hwaɗi. Igiya kau ai kewayewa takai. In Baba na ɗaurin dami, zagaye shi yakai da ita. Sai nic ce to ɗayan, miƙaƙƙen, shi na ark."

Na nemi kujera na zauna. Gaskiyarta ce, na faɗa. Kowace shekara ina faɗa, ina ma jin daɗin kaina wai na sauƙaƙa wa 'yan ƙauye Faransanci. Ina tsayawa nesa da allo ina kaɗa sanda wajen zanen, kord AB, ark AB, duka sunansu ɗaya. Takardun yara tamanin da nake gyarawa kuwa, amsar ƙarshe kawai nake kallo. In na ga 6,28 a gurbin shida sai in ja layi in rubuta "rashin natsuwa". Kunya ta kama ni irin wadda ban ji ba tun ina yaro.

"Munira," na ce, "kin san ainihin ma'anar ark a Faransanci? Baka. Bakan harbi."

Ta ɗago ta kalli allon. Ta daɗe tana kallo.

"In wanga baka na," ta ce, tana bin lanƙwasar da yatsa, "to wanga ba igiya ta ba, Mushe. Tsirkiya ta. Akwai bakan Kakanmu rataye cikin zaure."

Ta ja yatsa daga A zuwa B, a miƙe.

Shekara goma sha tara kalmar tana cikin bakina, ban taɓa ɗaukarta ba. Na ce ta goge amsoshin ta sake. Ta mayar da shida ƙarƙashin kord, 6,28 ƙarƙashin ark, sannan ta ce ai dole baka ya ɗan fi tsirkiyarsa tsawo, tunda shi ne ya lanƙwashe.

"Laifina ne, ɗiyata," na ce mata. Ban saba faɗin haka ba, kalmomin suka fito da ƙyar. Ta rasa inda za ta sa idonta, sai ta hau goge mini allo.

Washegari na karɓe takardun bitar duka, na raba sabuwa mai zanen baka da tsirkiya. Yara bakwai suka ƙura wa zanen ido, na gane su ma igiyar nan ta ruɗe su. Ran Litinin Munira ta sami sha huɗu da rabi, makinta na shekara ya haura goma da kaɗan, ta wuce.

Ranar da aka kafa sakamako na tare kabu-kabu a bakin kasuwa zan koma gida. Mai babur ɗin ya cire hula, ashe Ridwanu ne, wani tsohon ɗalibina da aka sallama shekara shida da suka wuce, bayan ya maimaita wannan ajin. Ya goge mini wurin zama da hannun rigarsa, ya rantse ba zai karɓi komai ba. Muna tafe yana ba ni labarin 'yarsa da ta fara tafiya. Ni kuwa tambaya ɗaya ke cina, har muka iso ƙofar gida na kasa haɗiye ta.

"Ridwanu, ka tuna kord?"

Ya yi dariya, fuskarsa ta washe don murna na tambaye shi abin da ya sani.

"Ina hwa zan mance, Mushe. Igiya. Kai kak koya muna."

Ya ɗora yatsa a kan tankin babur, ya zagaya shi a hankali.